Gwangwanin Mai Ƙwai

In kuka shigo layinmu kuka ce a nuna muku gidan Mai Ƙwai, ko jaririn da ke goye sai ya zaro hannu ya nuna muku. Amma kada ku yi gangancin zuwa da kwano, don yanzu ko ɓawon ƙwai ba za ku tsinta a gidan ba. Sunan ne kawai ya maƙale masa kamar cingam a gindin takalmi. Ni katanga ɗaya ta raba mu, katangar kuma ba wani kaurin kirki gare ta ba, sannan maigidana shi ne direban motar kai kaya a maɗaba'ar da Mai Ƙwai yake aiki. Kun ga ke nan, na gida yana tsallako mini katanga, na wurin aiki kuma ana kawo mini har ɗaki. Ba wai saurare nake yi ba. Kujerata ce dai ta fi son wannan ɓangaren tsakar gidan.

Mutumin ɗan siriri ne, gajere, mai tafiya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Aikinsa yankan takarda. Akwai wani ƙaton inji mai wuƙa da ake jera masa takardu ya sare su dam, to shi ke tsaye a gabansa tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo masa ta gefen kunne. Maigidana ya ce duk tsawon shekarun nan ko farcensa injin bai taɓa ci ba, kuma in ya dubi tarin takarda da ido ya ce ya karkace, to ko da ma'auni aka zo sai an tarar ya karkace. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ba ya neman rigima. Matarsa Maman Biyu tela ce. Kekenta yana ɗakin baya, wani ɗaki mai taga biyu da haske, kuma a lokacin mata har layi suke yi da yadinsu a hannu.

Wata rana ya dawo daga aiki idonsa yana ƙyalli. Wai wani ne ya zo buga takardun tallar abincin kaji, suka ɗan yi hira a bakin inji. Lissafin da ya ɗauko mai sauƙi ne: kaza ɗaya, ƙwai ɗaya kullum. Kaza ɗari, ƙwai ɗari. Kafin babur ɗinsa ya iso ƙofar gida ya riga ya gina bene a kansa, ya sayi mota, ya kai 'yan biyu ƙasar waje karatu, har ya fara tunanin wanda zai riƙa wanke masa motar.

Ba a yi wata ba aka fitar da keken Maman Biyu daga ɗakin baya aka matse shi a lungun ɗakin kwana, tsakanin gado da akwatuna, inda in ta zauna gwiwarta tana gaisawa da bango. Aka fasa tagogi aka faɗaɗa su, aka buga raga, aka sayo tankin ruwa, da mazuban abinci, da na ruwa, da akwatunan da kaji za su shiga su yi ƙwai. Ajiyar da suka yi shekaru suna tarawa, duk ta shige ɗakin nan. Sai ga 'yan tsaki a kwali, ɗari da ashirin, 'yan kwana ɗaya, suna tsiwa kamar an zuba makarantar yara a buhu.

Wanda ya ba shi lissafin ya manta bai gaya masa cewa ɗan tsako ba ya ƙwai ba. Ci yake yi. Ci, da kashi, da neman a ɗumama shi. Aka kunna musu gawayi, aka riƙa ɗiga musu rigakafi a ido da a ruwan sha, aka kira mai allura. Duk da haka kusan ashirin suka ce su ba za su iya da duniyar nan ba. Sauran suka shafe kusan wata biyar suna cin buhu bayan buhu, ba wadda ta ajiye ko tsakuwa. Ranar da ƙwai na farko ya faɗo, wani ɗan mitsitsi kamar na tantabara, Mai Ƙwai ya ɗauko shi a tafin hannu ya zaga da shi gida gida. Ni har sai da na yi masa barka da sauka lafiya, na tambaye shi ya mai jego.

A nan gwangwanin ya shigo labari. Wani babban gwangwanin madara ne da ya huda wa murfi, ya ajiye a saman kabad. Duk kuɗin ƙwai da aka sayar, ko na ƙwaya ɗaya ne, cikinsa yake shiga, kuma ba mai taɓa shi sai ƙarshen wata. Wannan doka ce, ko kuda ya sauka a kan gwangwanin sai ya yi bayani.

To amma abincin kajin fa? Daga albashi. Magani, daga albashi. Dusar katakon da ake shimfiɗa musu a ƙasa, kwalayen jera ƙwai, ruwan da ake saye in famfo ya ɗauke, man babur na kai ƙwai shaguna, duk daga aljihun wandonsa suke fita, kaɗan kaɗan, yau buhu ɗaya jibi buhu ɗaya, yadda ba za ka ji zafin ba sai ka laluba ka ji wayam. Gwangwani kuwa ba ya sanin fita, shiga kawai ya sani. Ba dole ya yi ƙiba ba?

Sai wata ya raba tsakiya albashi ya ƙare. A shiga cin abinci gaya, a ce wa 'yan biyu takalmin makaranta sai an ɗan jira. Ƙarshen wata kuma Mai Ƙwai ya sauko da gwangwani, ya zazzage a kan tabarma, ya biya kuɗin wuta, ya sayo hatsi, ya toshe duk ramukan da ke gidan, sannan ya dubi matarsa ya ce ta gani ko, ba don kajin nan ba da tuni sun shiga uku. Wannan maganar na ji ta ta katanga har na haddace, ina iya rera ta da murya biyu. Bai taɓa tsayawa ya tambayi wanda ya haƙa ramukan da kajin suke zuwa cikewa ba.

Rayuwarsa ta koma ta kaji. Gari na wayewa ya ɗaure ƙwai kiret kiret a bayan babur ya bi masu shayi da masu shago, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da amarya, yana kauce wa ramuka. Wannan ya ce ƙwan ƙanana ne a rage masa, wancan ya ce a dawo gobe. Kullum a makare yake isa maɗaba'a, da gashin kaza a wuyan riga. Da rana kuwa, wa ke zuba abinci, wa ke canja ruwa, wa ke tsince ƙwai kafin kajin su fasa su sha? Maman Biyu. Ta ɗora ƙafa a kan keke ke nan sai ta tuna ruwa. Ta dawo ta wanke hannu sai ta tuna ƙwai. Ɗinkin da take gamawa a kwana biyu ya koma mako biyu. Wata mata ta karɓi rigarta ta shinshina ta ce ita ba ta ba da yadi don a jiƙa shi a miyar kaza ba. Masu kawo ɗinki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ga wani tari da ya kama ta tun da ta fara kwashe dusar nan, irin busasshen tarin da in ta fara sai na ajiye abin da nake yi na jira ta gama.

Dangi kuma suka gano hanya. Mutanen da rabonsu da gidan tun auren Maman Biyu, duk suka tuna zumunci. Kowa ya zo sai ya leƙa ɗakin baya ya yi ta sa albarka, kuma ba a sallamar mai sa albarka hannu wofi. Akwai wata gwaggonsa da na rantse da ƙwan gidan nan ta yi kumatu.

Haka aka yi ta tafiya har kajin suka haura shekara suna ƙwai, suka fara tsufa. Kaza in ta tsufa ƙwai ne yake raguwa, cikinta ba ya raguwa. Da a ganiyarsu kusan kiret uku ake tsinta kullum. Yanzu biyu da 'yan ƙwayoyi. Buhun abinci kuwa har yanzu kwana biyu yake yi, kuma kuɗinsa sai hawa yake kamar mai gudun kare.

Ana cikin haka tsohon foman na maɗaba'a, wato mai kula da ɗakin injina gaba ɗaya, ya ce gwiwoyinsa sun gaji zai ajiye aiki. Manaja ya kira Mai Ƙwai ofis. Ya ce masa ba wanda ya fi shi sanin injinan nan, shi yake so ya ba wa maƙullai. Akwai ƙarin albashi mai kyau, kuma ƙarin yana bin mutum har kuɗin sallamarsa in ya tsufa. Sharaɗi ɗaya ne: foman shi ke buɗe ƙofa da sassafe, shi ke karɓar takarda in mota ta kawo, kuma yana zuwa ranar Asabar. Ba zancen bin masu shayi da ƙwai. Manaja ya ce tsohon zai ƙara kamar wata biyu kafin ya tafi, ya je ya yi shawara, amma kada ya daɗe.

Maigidana ya ce da Mai Ƙwai ya fito sai ya riƙa gyara wuyan riga yana gaya wa abokan aiki cewa abin da Manaja ke kira ƙari, shi gwangwaninsa a mako guda yake haɗiye irinsa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, in dai abin da ke shiga kawai ake dubawa.

Da yamma ya kawo maganar gida yana dariya. Maman Biyu ba ta yi dariya ba. Matar nan ba ta da hayaniya, sai da na matsar da kujera har ta taɓa katanga.

Ta ce, "Baban Biyu, ni ban ce ka bar kajinka ba. Abu ɗaya nake roƙo. Wata ɗaya tak, ka bar su su ci da kansu."

Ya tambaye ta me take nufi, ko hannu za su sa su ɗebo. Ta ce a'a. Albashi ya tsaya a kan gida, ko sisinsa kada ya shiga ɗakin baya. Duk abin da kaza za ta ci, ko ta sha, ko ta taka, a ɗauka a gwangwani. Man da babur ya sha a yawon ƙwai, a gwangwani. Ita kuma ta yi alkawarin duk ƙwan da ta soya wa yara za ta biya kuɗinsa daga na cefane ta jefa a ciki, don kada a ce an cuci kaji. Abin da ya rage a ƙarshen wata, shi ne ribar. Sai a ajiye shi kusa da ƙarin Manaja a ga wanda ya fi tsawo.

Ya amince nan take, har yana cewa ta shirya jin kunya. Aka cire wa gwangwani murfinsa mai huda, aka sa masa wanda ake buɗewa.

Makon farko yana fito. Mako na biyu fiton ya koma ciki. Gwangwanin da ya saba kwanciya yana ƙiba ya zama kamar tashar mota, wannan na shiga wancan na fita. Buhu ɗaya na abinci yana cin kuɗin kiret uku da rabi, a kwana biyun da buhun zai yi kuwa kajin ba su fi ba da huɗu da 'yan kai ba. A cikin ɗan abin da ya saura ne za a fitar da magani, da dusa, da kwali, da ruwa, da mai. A cikinsa ne na fashe a hanya yake, da na mai shagon da ya ce gobe har goben ta tsufa. Gwaggo ta zo zumunci, Maman Biyu ta dubi mijinta ta tambaye shi a hankali ko shi zai biya wa gwaggo kiret ɗin, tunda kaji ba su da gwaggo. Ran nan da rabin kiret kawai tsohuwar ta koma, tana tafe tana cewa zamani ya lalace.

Abin mamaki, a watan nan ne albashi ya kai ƙarshen wata a karon farko. Har da takalmin 'yan biyu.

Da aka zazzage gwangwani a kan tabarma, ban ji ƙarar da na saba ji ba. Abin da ya fito bai wuce kuɗin kiret uku ba. Na wata guda cur. Ƙarin Manaja ya ninka shi huɗu.

Can Mai Ƙwai ya ce ai ba a yi musu adalci ba, an auna su ne da tsufansu, da a ganiyarsu aka yi wannan gwaji da gwangwanin ya fashe. Maman Biyu ta ce gaskiya ne, da sun fi haka. Amma in za a tuna musu ganiya, sai a tuna musu da wata biyar ɗin da suka ci ba su ajiye komai ba, da waɗanda suka mutu bayan sun ci nasu rabon. Ya ce ai in an sayar da tsofaffin za a sami kuɗi mai kauri. Ta ce za a samu, kuma kuɗin nan ne zai sayo sababbin 'yan tsaki ya ciyar da su, da ƙyar ma in ya kai su ranar ƙwan farko. Watau a dawo inda aka fara.

Sannan ta ce, "Kuma ban sa kuɗin ƙafata ba. Ban sa ɗinkin da ya gudu ba, ban sa maganin tari ba, ban sa ɗakin ba, wanda ko haya muka bayar da ya fi kiret uku. Ban sa safiyarka ba, Baban Biyu. Duk kyauta muke yi musu aiki, ni da kai."

Ai da a nan ya tashi ya wanke fuska ya tafi wurin Manaja, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai ya miƙe ya nufi ɗakin baya, ya dafa ragar taga, ya shiga lissafa abin da ya kashe: tanki, raga, rufi, mazubai, ajiyar shekaru. Ya ce duk wannan ya tafi a banza ke nan? Ta ce masa ya riga ya tafi, ko an ci gaba ko an bari ba zai dawo ba, abin da bai tafi ba tukuna shi ne albashin wata mai zuwa. Ni a ganina ba tankin ne ya riƙe shi ba. Mutumin da ya yi shekaru ba wanda ya san shi sai injin yankan takarda, yau ga shi duk layi ana Mai Ƙwai, Mai Ƙwai, masu shayi suna miƙe masa, dangi suna cewa babban yaya. Wannan ba ya shiga gwangwani, amma shi ma abu ne.

Washegari ya kai kukansa wurin mai sayar da abincin kaji. Ku ji fa, kamar ka je wurin wanzami ka tambaye shi ko kanka na bukatar aski. Mutumin ya kama hannunsa biyu ya ce kada ya kuskura, yanzu ne ma kasuwa za ta buɗe, ƙwai zai yi tsada, masu haƙuri ne za su kwasa. Ya haɗa shi da wani garin magani na zubawa a ruwa, wai ko zakara ya sha sai ya yi ƙwai. Mai Ƙwai ya dawo da leda a hannu da sabon ƙarfi a jiki. Ya je ya ce wa Manaja a ƙara masa ɗan lokaci, yana daidaita wasu al'amura ne. Manaja ya ce to. Bayan kwanaki Manaja ya sake tambayarsa a bakin inji, shi kuma ya ce yana nan tafe. Maigidana ya ja shi gefe ya ce masa mutumin nan fa ba zai bar ƙofa ba mai buɗewa ba. Ya ce ai Manaja ya san ba shi da kamarsa.

Sai zafi ya sauko. Irin zafin da kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai. Kajin suka buɗe baki da fukafukai suna haki, suka rage ci, ƙwan ya ƙara raguwa, ɓawonsa ya yi laushi har yana fashewa a hannu. Uku suka mutu a yini ɗaya. Ƙwai ya ɗan yi tsada kamar yadda mai abinci ya faɗa, sai dai buhu ya riga shi hawa. Ranar wata Lahadi abinci ya ƙare, Mai Ƙwai ya buɗe gwangwani ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, kuɗin buhu bai cika ba. Na hango shi ta inda bulo ɗaya ya ɓalle a katangarmu. Ya tsaya a tsakar gida, hannu ɗaya riƙe da gwangwani, ɗayan a cikin aljihun wando inda sauran albashi yake. Maman Biyu tana wanke wanke, ba ta ɗago kai ba. Ya daɗe a haka har na ji ƙafata ta yi sanyi. Daga ƙarshe ya zaro hannun ba komai a ciki, ya je ya sayo rabin buhu a awo. Da ya dawo ya ce mata ta goge masa farar rigarsa, gobe zai ga Manaja.

Ranar Litinin bai ɗaura ƙwai a babur ba. Ya isa maɗaba'a da wuri, abin da rabonsa da yi tun da kajin suka fara ƙwai, sai ya tarar ƙofa a buɗe, fitilu a kunne. Wanda ya buɗe kuwa Dogo ne, wani matashi da Mai Ƙwai da kansa ya koya wa yadda ake jera takarda ba tare da an bar yatsa a ƙarƙashin wuƙa ba. Ga maƙullai suna reto a ƙugunsa. Dogo ya gaishe shi da ladabi, ya ce Baba an tashi lafiya, yana ta ƙoƙarin rufe maƙullan da gefen riga.

Duk da haka ya shiga ofis. Maigidana yana bakin ƙofa yana jiran takardar kaya, ya ji komai. Manaja bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Malam, sau uku muka yi maganar nan da kai. Tsohon ya matsa zai tafi, dole wani ya karɓi maƙullai ya koyi aikin kafin ya fita. Tun ranar Alhamis na ba Dogo. Ba zan ƙwace a hannunsa ba."

Mai Ƙwai ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ya fito ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa, ya tsaya gaban injinsa. Maigidana ya ce ranar ko ruwa bai sha ba.

Da ya dawo gida ya zauna a bakin ɗakin baya. Bayan wani lokaci ya ce wa matarsa, da wata murya kamar ta mai lallashin kansa, tunda abin ya zama haka ai gara da bai sayar da kajin ba, ko ba komai suna nan. Wai zai sayar da tsofaffin ya zubo sababbi, wannan karon ya san kan abin. Maman Biyu ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwani ta ajiye a gabansa, a buɗe. Tsabar da ke ciki ko gindinsa ba ta rufe ba.

Ta ce, "Dogo ya karɓi maƙulli, amma wannan bai ƙara ko sisi ba. Jiya da ka yanke shawara, ba Manaja ka duba ba, gwangwanin nan ka duba."

Sai tarin ya taso mata. Ta dafa bango tana yi, tana yi, shi kuma yana zaune yana kallonta kamar ranar ya fara ji.

A ƙarshen makon masu sayen kaji suka zo da kejinansu. Suka riƙa ɗaga kowace suna latsa ƙirjinta suna taɓe baki, wai duk ƙashi ne, zafi ya cinye su. Suka saya da arha, shi kuma bai ja ba. Tankin ma ya tafi a rabin kuɗinsa. Mazuban abinci har yau suna jingine a bayan gida, ba wanda ya taya. Abin da aka samu ya biya kuɗin makarantar 'yan biyu da asibitin Maman Biyu, ɗan saura ta sayi zare da allurai. Ajiyar shekarun nan kuwa, ko labarinta.

An wanke ɗakin baya, an sake wankewa, an shafa fenti, amma in hadari ya haɗo har yanzu sai warin ya taso ya gaishe mu. Keke ya koma wurinsa. Masu ɗinki sun fara dawowa jefi jefi, sai dai da yawa sun riga sun saba da wata telar a can gaba, ba kuma a raba mace da telar da ta gane ƙugunta. Tarin ya ragu, bai tafi ba. Gwaggo tun ranar da aka kwashe kajin ƙafarta ta fara ciwo, ba ta iya doguwar tafiya. Gida dai yanzu ana kai ƙarshen wata, ba yabo ba fallasa, kuma ba wanda ke cewa ba don kaji ba.

Gwangwanin yana nan, Maman Biyu na zuba maɓallai a ciki.

Shi kuwa jikinsa ya riga ya saba da tashin sassafe, ba abin da zai yi da safiyar. Sai ya yi wanka ya hau babur ba komai a bayansa, ya wuce masu shayin da yanzu wani ke kawo musu ƙwai. Wasu su ɗaga masa hannu su ce Mai Ƙwai, ya ɗaga musu. Maigidana ya ce yanzu duk maɗaba'ar ba wanda yake riga shi zuwa. Kullum in ya iso da mota sai ya same shi zaune a kan dakalin ƙofa, hularsa a gwiwa, yana jiran Dogo ya zo ya buɗe.